Taurin Bayan Gida a Jikin Tsofaffi: Abin da Ake Fara Dubawa da Yadda Ake Bin Matakan Magani

A yawancin gidajenmu na zango a Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, idan tsoho ya kwana uku bai zaga ba, abin da ake fara yi shi ne a aiki yaro kemis ya sayo maganin wankin ciki. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma a ƙara dagula al'amari. Magungunan nan suna da amfani, amma kowannensu da aikinsa da lokacinsa, kuma akwai abubuwan da dole a duba kafin a ba tsoho ko da cokali ɗaya. Wanda ya bi tsarin daki-daki zai warware mafi yawan matsalar a gida. Wanda ya tsallake mataki kuwa, shi ne yake kwana a ɗakin taimakon gaggawa da tsoho cikinsa a kumbure.

Mu fara da sanin abin da ake nufi da taurin bayan gida, domin ba kowane jinkiri ne ciwo ba. Mai lafiya yana iya zagawa sau uku a rana, wani kuma sau uku a mako, duk lafiya ce. Tsohon da yake fita bayan kwana biyu-biyu, bayan gidan da laushi, ba nishi, ba ya buƙatar magani. Matsala tana nan ne idan fitar ta gaza sau uku a mako, ko bayan gidan ya zama ƙwallo-ƙwallo busasshe, ko sai an yi nishi mai tsanani, ko mutum ya tashi yana jin da saura, ko har sai ya sa yatsa ya taimaka. Tsofaffinmu suna da kunya, ba za su faɗa wa ɗan cikinsu wannan ba. Sau da yawa abin da za a ji kawai shi ne "cikina ba daɗi", ko a ga Baba ya ture kwanon tuwo. Wanda ya fi kusa da shi ne ya kamata ya tambaya a keɓe: "Baba, yaushe rabonka da zagawa? Da tauri ne ko da laushi?"

Mataki na farko: alamomin da ke hana a yi magani a gida

Idan cikin tsoho ya kumbura ya yi tauri, yana amai, kuma ko tusa ba ta fita, wannan toshewar hanji ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a ɗura masa komai ta baki ko ta dubura. Maganin da ke tura hanji da ƙarfi alhali gaba a toshe yake yana iya fasa hanjin. A kai shi asibitin da ake tiyata nan take, irin Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. A duba matsematsinsa da cibiyarsa ma, domin ƙabar da ta fito ta ƙi komawa, tana zafi, tana daga cikin abubuwan da ke toshe hanjin dattawa.

Bayan gida baƙi mai yauƙi da wari shi ma na zuwa asibiti ne a ranar. Akwai kuma alamomin da ba na gaggawar dare ba ne, amma suna buƙatar likita cikin 'yan kwanaki: jini a bayan gida, ramewa ba dalili, ƙarancin jini, ko kuma mutumin da ya haura shekara 50 yana fita lafiya tsawon rayuwarsa, sai kwatsam yanayin fitarsa ya canza ya tsaya a haka makonni. A nan muke jan kunne game da basir. Mun saba da zarar an ga jini sai a ce basir ne, a shiga shan jiƙe-jiƙe. Basir yana zubar da jini, gaskiya ne, amma ciwon dajin babban hanji ma haka yake farawa, kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun. Watannin da aka ɓata ana shan maganin basir su ne watannin da ciwon ke da sauƙin cirewa.

Mataki na biyu: ko bayan gida ya daskare a dubura?

Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Babban hanji aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Duk kwanan da bayan gida ya ƙara a ciki, ruwansa yana ƙara raguwa. A jikin tsohon da ba ya motsi sosai, bayan gidan yakan taru a ƙarshen hanji ya zama dunƙule mai tauri wanda ya fi ƙarfin nishi. Sabon bayan gidan da ke zuwa daga sama, wanda bai riga ya bushe ba, sai ya riƙa silalowa ta gefen dunƙulen yana fita kamar ruwa. Masu jinya su ga zani ya ɓaci, su ce zawo ne, su sayo maganin tsayar da zawo. Maganin ya ƙara kwantar da hanjin, dunƙulen ya ƙara girma.

Yadda ake gane shi: an yi kwanaki ba a fita ba kafin ruwan ya fara zuwa, ruwan kaɗan-kaɗan yake fita, sau da yawa, kuma tsohon bai san ya fita ba, yana jin nauyi a dubura, cin abinci ya ragu. Wani lokaci dunƙulen yakan danne mafitsara, fitsari ya tsaya ko ya riƙa ɗiga. Wani tsohon kuma babu abin da za a gani sai rikicewar tunani, wanda jiya lafiya lau yake hira, yau bai gane jikokinsa ba. Tabbatarwa aikin likita ne ko nas: safar hannu, man shafawa, yatsa ɗaya, minti ɗaya. Idan an samu dunƙule, to sai an fitar da shi kafin a yi maganar ƙara wake ko ganye. Ƙara harza, wato ɓangaren abincin shuka da hanji ba ya narkarwa, a kan hanjin da ya riga ya cushe ƙara kaya ne a bayan ƙofar da ke rufe.

Mataki na uku: zazzage ledar magunguna

A tattaro duk abin da tsohon ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a baje a kan tabarma. Kaso mai yawa na taurin bayan gidan tsofaffi a cikin ledar nan yake. Kan gaba su ne magungunan ciwo masu ƙarfi: tiramadol, kodin da mofin. Suna rage motsin hanji kai tsaye, kuma jiki ba ya sabawa da wannan illar ko an daɗe ana sha. Sai ƙwayoyi da ruwan ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, waɗanda kuma suke mayar da bayan gida baƙi. Sai ƙwayar kalsiyom ta ƙashi, da amitiriftilin da ake bayarwa saboda zugin ƙafa na masu ciwon suga, da firiton da buskofan, da maganin gyambon ciki mai fari kamar madara idan da alminiyom a cikinsa. Daga magungunan hawan jini akwai nifedifin da amlodifin, sai ƙwayoyin fitsari irin furosemid da bendiro, masu rage ruwan jiki. Tsofaffin matan da ke cin farar ƙasa, wadda ake ce wa ayilo a kasuwa, ita ma tana ɗaure ciki.

Ba a tsayar da maganin hawan jini ko na zuciya a gida. Abin yi shi ne a ɗauki ledar gaba ɗaya a kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani, a tambaye shi wanne za a iya ragewa, wanne za a musanya. Shi ne kuma zai duba cututtukan da ke kasalar da hanji: ciwon suga da ya daɗe, shanyewar ɓarin jiki, ciwon karkarwa, raunin ƙwayar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, yawan kalsiyom ko ƙarancin fotasiyom a jini.

Akwai dalilin da ba ya cikin leda, kuma ba a cika tambaya ba: ina ban ɗakin yake? A gidan haya mai ɗakuna goma da ban ɗaki ɗaya, ko inda sai an fita ban ɗakin unguwa an biya kuɗi an bi layi, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta riƙa danne buƙatarta. Dubura idan aka saba danne kiranta, sai ta daina kira. Kujera mai rami da bokiti a ƙasa, a ɗaki, da labule, takan yi abin da kwalba uku ta magani ba ta yi ba. Lokaci ma yana da tasiri. Hanji ya fi motsi minti 20 zuwa 30 bayan karin kumallo, don haka a saba wa tsoho zama a wannan lokacin kullum, minti 5 zuwa 10, ba nishi. Idan a kan masai na zama ne, a sa masa ɗan ƙaramin benci a ƙarƙashin ƙafa yadda gwiwoyi za su ɗara ƙugu tsawo, ya ɗan sunkuya gaba. Tafiya zuwa masallaci da ƙafa, ko zagaya tsakar gida bayan cin abinci, tana cikin magani.

Mataki na huɗu: ruwa tukuna, sannan harza

Tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda matashi ke ji. Ga kuma masu rage sha da gangan: dattijo mai matsalar fitsari da ba ya son tashi sau biyar cikin dare, da Hajiyar da ke son alwalarta ta kai ta daga azahar zuwa la'asar. Abin da ake nema shi ne lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini. Ledar ruwan da muke saya rabin lita ce, wato leda uku zuwa huɗu ke nan, kuma koko, shayi, kunu da romo duk suna shiga lissafi. Hanya mai sauƙi ita ce a juye leda uku a jug da safe a ajiye kusa da shi, kowa a gidan ya ga inda ruwan ya kai. A ɗaura shan da lokutan salla: kofi bayan asuba, kofi da karin kumallo, kofi bayan azahar, kofi bayan la'asar, sannan a rage daga magariba saboda fitsarin dare. Fitsari mai haske alama ce ruwa ya isa, mai duhu kamar shayi alama ce bai isa ba. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ya tsaya a kan abin da aka ƙayyade masa. Kuma wanda yake shan abin da ya ishe shi, ƙara leda biyar a kai ba zai sassauta masa ciki ba, fitsari kawai zai ƙaru.

Harza ita ce ɓangaren abincin shuka da hanji ba ya narkarwa: ɓawon wake, dusar hatsi, zaren ganye, yauƙin kuɓewa. Aikinta ta riƙe ruwa a cikin bayan gida ya yi taushi da girma, hanji ya samu abin turawa. Yadda gari yake idan an jiƙa shi, haka take: da isasshen ruwa ya kumbura ya yi laushi, da ɗan ruwa kaɗan kuwa ya dunƙule ya yi tauri. Shi ya sa muka sa ruwa a gaba.

Babba yana buƙatar giram 25 zuwa 30 na harza a yini. Tsohon da haƙoransa suka zube yakan koma shayi da farin burodi da safe, farar shinkafa da rana, tuwo mai laushi da 'yar miya da dare, wanda da wuya ya kai rabin wannan. Kofi ɗaya na farar shinkafa dafaffiya bai kai giram ɗaya ba, yankan farin burodi ma haka. Kofi ɗaya na dafaffen wake kuwa ya kai giram 10 ko fiye. Lemo ɗaya, idan an ci da totuwarsa ba tsotsa aka yi aka yar ba, kimanin giram 3 ne. Kofin yankakkiyar gwanda ko mangwaro giram 2 zuwa 3, gwaiba ɗaya wajen 3, rabin fiya wajen 5. Ba sai an nemi abincin waje ba. A ƙara yawan wake a cikin wake da shinkafar safe, a dafa shi ya yi luguf yadda dasashi zai iya. A yawaita miyar ayoyo, kuɓewa, kuka, kontomire da zogale a kan tuwon zafi, miyar ta yi yawa, tuwon ya ragu. Idan za a yi koko ko tuwo a gida, kada a tace gero ko masarar har dusa ta ƙare. Gwanda nunanniya da safe ta fi komai sauƙi ga marar haƙori.

Kuskuren da ake yi shi ne gaggawa. Wanda aka ɗora wa kwano biyu na wake rana ɗaya zai kwana da kumburi da iska, gobe ya rantse ba zai ƙara ci ba. A ƙara kimanin giram 5 a mako, wato rabin kofin wake, ko lemo da yankan gwanda, a tsaya a nan kwana bakwai kafin a ƙara wani. Amfanin yakan fara bayyana cikin kwanaki, amma cikarsa takan ɗauki mako uku zuwa huɗu. Mutum uku ne harza mai yawa ba ta yi musu daɗi: wanda ke kwance ba ya tashi, wanda ba ya iya shan isasshen ruwa, da wanda ke kan tiramadol ko mofin. Hanjinsu ba shi da ƙarfin tura ƙarin kaya, don haka su kai tsaye ake wucewa da su zuwa magani. Tsohon da ya ɗauki azumi kuma, a raba masa ledojin nan uku tsakanin buɗa-baki da sahur, a sa dabino, gwanda da miyar ganye a ciki.

Mataki na biyar: magunguna, ɗaya bayan ɗaya

Iri na farko harza ce ta cikin fakiti, wato garin isfagula. Fakiti ɗaya giram 3.5 ne, ana dama shi a ruwan da bai gaza mililita 150 ba, a shanye nan take kafin ya yi kauri, sau biyu a rana bayan abinci. Ba a shan sa dab da kwanciya, ba a ba mai wahalar haɗiya, domin yana iya kumbura a maƙogwaro. Yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Ya dace da dattijon da ke yawo da ƙafarsa, yana shan ruwa, abincinsa ne kawai ba harza. Mutum ukun da muka ambata a sama, a tsallake musu wannan.

Iri na biyu su ne masu jawo ruwa zuwa cikin hanji, kuma a ganinmu su ne ginshiƙin maganin tsofaffi. Laktulos ruwa ne mai zaƙi, ana farawa da mililita 15 sau biyu a rana. A auna da murfin awo da ke zuwa da kwalbar, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Abin da ya kamata kowa ya sani game da shi: yana iya ɗaukar kwana biyu cur kafin ya yi aiki, kuma kullum ake shan sa, ba sai ranar da ciki ya ɗaure ba. Da yawa sukan sha da dare, gari ya waye ba labari, su ce ba shi da kyau. Yana kawo iska da kumburi a kwanakin farko, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji ne ke cin sa, amma yakan lafa. Mai ciwon suga yana iya shan wannan adadin, sai dai ya sanar da likitansa. Ɗan uwansa makrogol gari ne a fakiti, ana narkar da kowane fakiti a ruwa mililita 125, ɗaya zuwa uku a rana. Bai kai laktulos kawo iska ba, kuma shi aka fi so idan bayan gida ya daskare, sai dai ya fi tsada kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba.

Iri na uku su ne masu zaburar da hanji ya matsa. Ana zuwa gare su idan bayan gidan ya yi laushi amma har yanzu ba ya fita, ko yana fita da saura. Sena ana shan miligiram 7.5 zuwa 15 da dare, ta yi aiki bayan awa 8 zuwa 12, wato daidai zaman safe. Bisakodil miligiram 5 da dare, a kai 10 idan bai isa ba. Ƙwayarsa tana da rufin da aka yi don ta wuce tumbi ba ta narke ba, saboda haka ba a tauna ta, ba a daka ta, ba a shan ta cikin awa ɗaya da madara ko maganin gyambon ciki, in ba haka ba ta narke da wuri ta murɗa ciki. Illarsu murɗawa ce, kuma idan aka wuce kima su kawo zawon da ke zubar da ruwa da fotasiyom, tsoho ya tashi jiri ya kwashe shi. Ganyen filasko da yawancin shayin wankin ciki da ake tallarsa a tasha dangin sena ne. Bambancin shi ne ƙwaya an san adadinta, tafasasshen ganye kuwa kofin yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba. Ga mai shan tiramadol, kodin ko mofin, ana haɗa iri na biyu da na uku tun ranar da ya fara maganin ciwon, ba a jira sai ciki ya ɗaure.

Iri na huɗu na matsawa ne ta dubura, don abin da ya riga ya iso ƙofa ya tsaya. Matsin giliserin na manya giram 4 ne: a jiƙa shi da ruwa, tsoho ya kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwa, a tura shi ya jingina da bangon dubura, kada a soka shi cikin dunƙulen, ya riƙe minti 15 zuwa 30. Matsin bisakodil na miligiram 10 ya fi ƙarfi, yakan yi aiki cikin ƙasa da awa ɗaya. Ɗurin ruwa ta dubura kuwa aikin ma'aikacin lafiya ne. Bentuwa da ake cikawa da citta, barkono, sabulu ko jiƙon ganye tana ƙona fatar cikin hanji, bakinta kuma yana iya huda duburar tsoho, wadda ta riga ta yi siriri.

Abu uku muke roƙo a nisantar da tsofaffi daga gare su. Man farafin na sha: idan tsoho ya shaƙe ya gangara huhu, yana haddasa ciwon huhu mai wuyar magani, ga shi yana yoyo ta dubura. Man zurma: ƙarfinsa ya yi yawa. Gishirin wankin ciki da madarar magnesiya: magnesiyom ɗin da ke cikinsu ƙoda ce ke fitar da shi, ƙodar tsoho kuwa sau da yawa ta yi rauni ba a sani ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka ga Hajiya mai shekara 76 a Aboabo, tana shan amlodifin da bendiro saboda hawan jini. Gwiwa ta matsa mata, aka sayo mata tiramadol, wata 'yar uwa kuma ta kawo ruwan ƙarin jini don ta ga ta yi fari. Tafiya ban ɗakin bayan gida ta zama aiki, sai ta rage shan ruwa. Kwana shida ba ta zaga ba, a na bakwai ruwa-ruwa ya fara ɓata mata zani. 'Yarta ta ba ta loferamid na tsayar da zawo kwana biyu. Yanzu ba ta cin abinci, tana ta kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa.

Tambayar farko: akwai amai? Tusa tana fita? Babu amai, tusa tana fita, cikin da taushi ko da yake ya ɗan cika. Wannan ya rage tsoron toshewa, amma rikicewar tunanin kaɗai ta isa a kai ta asibiti a ranar. A can aka duba dubura aka samu dunƙule mai tauri, aka duba mafitsara da fitsari da jini. Aka tsayar da loferamid. Likita ya mayar da ita kan farasitamol da man shafawa a gwiwa maimakon tiramadol, ya dakatar da ruwan ƙarin jinin har a ga sakamakon awo, domin idan da gaske jininta ya yi ƙasa, to dalilin ƙarancin ne abin nema, har da duba hanji.

Don fitar da dunƙulen aka sa mata matsin giliserin, aka fara makrogol a adadin da ake bayarwa na daskarewa, wanda ya fi na kullum yawa. Ranar farko fakiti 4, a narkar a ruwa rabin lita, wato leda ɗaya daidai, ta riƙa kurɓa a hankali. Idan bai fita ba, rana ta biyu fakiti 6, ta uku 8 a lita ɗaya, a shanye cikin awa shida. Ba a wuce 8 a rana, ba a wuce kwana uku, kuma mai ciwon zuciya ba ya wuce fakiti biyu cikin awa ɗaya. Wannan adadin likita ne ke ba da umarninsa. A daren rana ta biyu dunƙulen ya fito, bayan gida mai yawa ya biyo baya. A shimfiɗa leda a gado, a ajiye bokiti kusa tun kafin lokacin, kuma a gaya mata tun farko: "Mma, zai zo da yawa, maganin ne ke aiki, ba abin kunya ba ne." Da bai fita ba bayan kwana uku, sai ɗuri a asibiti ko ma'aikaci ya cire da hannu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan wannan. An ga ciki ya saki, sai a ajiye magani, bayan mako biyu a koma gidan jiya, domin duburar da ta daɗe a buɗe da dunƙule ba ta dawo da jin kiranta nan da nan. Don haka Hajiya ta ci gaba da makrogol fakiti ɗaya kullum, ko laktulos mililita 15 safe da yamma idan shi ya fi sauƙin samu. Aka kawo mata kujera mai rami ɗaki, aka ajiye jug ɗin leda uku. Mako na farko aka ƙara gwanda da safe kawai, na biyu rabin kofin wake mai laushi, na uku aka yawaita ayoyo da kuɓewa. 'Yarta tana sa alama a kalanda duk ranar da ta fita, da harafi ɗaya na tauri ko laushi. Da kalandar ta nuna laushi amma kwana uku-uku, sai aka ƙara sena miligiram 7.5 da dare.

Abin da ake nema shi ne bayan gida mai laushi, a haɗe, ba nishi, aƙalla sau uku a mako. Idan ya koma ruwa, a rage adadi, kada a tsayar gaba ɗaya. Bayan an samu mako biyu zuwa huɗu ana fita daidai, sai a fara janyewa, magani ɗaya a lokaci guda. Sena ce ke fara tafiya: dare ɗaya a sha, dare ɗaya a bari, na tsawon mako ɗaya ko biyu, sannan a daina. Laktulos ya koma sau ɗaya a rana, daga baya mililita 10. Idan tauri ya dawo, a koma adadin ƙarshe da ya yi aiki a daɗe a kansa. Wanda ke kwance, ko mai ciwon karkarwa, ko wanda dole ya ci gaba da mofin, yana iya zama a kan laktulos ko makrogol watanni ko shekaru, likita yana duba gishirin jininsa lokaci-lokaci. Wanda kuwa aka haɗa masa iri na biyu da na uku a cikakken adadi har mako huɗu babu canji, a mayar da shi asibiti tare da kalandar da ledar magungunansa, domin a duba hanjin da na'ura.